Ɗan gyara ne kawai

Wuri: shagon atamfa a Kantin Kwari, bayan azahar. Alhaji na kishingiɗe kan dilar kaya, yaron shago Ɗanliti na ninke leshi, sai ga Injiniya mai zanen talla da laftof a hammata. Ba wani injiniya bane, Alhaji ne ya laƙaba masa don kwamfutar.

Injiniya: Ranka ya daɗe barka da kasuwa. Maganar aikin nan ce ta kawo ni, kuɗin fa ya canza.

Alhaji: Ya canza kamar yaya? Dala ce shi?

Injiniya: Ba dala bane Alaji, aikin ne ya girma. Da farko mun yi da kai fulaya guda ɗaya wadda za a sa a sitatus, dubu 25, gyara sau biyu kyauta, ka bani kafin alƙalami dubu 10. Ga saƙon nan ma ban goge ba.

Alhaji: To me na ƙara? Ɗan gyara ne kawai nake cewa kai.

Injiniya: Ɗan gyaran nan yanzu sau tara kenan. Ka ce a sa kore na sa, Hajiya ta ce koren yai kama da na 'yan siyasa na cire, ka ce a ƙara girman sunanka na ƙara har ya danne atamfar, sannan ƙarfe ɗayan dare ka turo min muryar minti shida wai a sa hotonka kana riƙe da waya.

Ɗanliti: Minti bakwai ne, ina wajen.

Alhaji: Kai da wa ya sako ka? Ninke kayanka.

Injiniya: Bakwai da suka hau kan biyun, dubu bibbiyu, dubu 14. Sai kuma banar ƙofar shago da ka ce, ƙafa 12 a ƙafa 4, dubu 15, banda kuɗin bugawa, wannan tsakaninka da masu inji ne su da ƙafa suke lissafi.

Alhaji: Subhanallahi! Banar ba wannan hoton bane dai? Ka ja shi da yatsa biyu ya buɗe mana, ni ma ina yi a wayata.

Injiniya: Alaji fulayar sitatus tsaye take, bana kuma a kwance, in na ja ta haka fuskarka sai ta koma faranti. Kuma hoton da ka turo ta WhatsApp ne, ya matse shi ya rage masa ƙarfi, a waya lafiya lau yake amma in aka buga shi ƙafa huɗu hancinka zai fito ɗaki ɗaki kamar bulo. Dole a sake ɗauka a turo ta Document, in sake jera komai daga farko a CorelDRAW, in juya kalar zuwa CMYK don jan da kake gani a waya ba shi inji ke fitarwa ba. Wuni guda ne cur, da janareto kuma, kai ma ka san kuɗin lita tun da aka cire tallafi a 2023.

Alhaji: Duk wannan turancin don ka ci kuɗina ne. Danne danne ne fa kawai kake kana zaune a inuwa.

Injiniya: To shikenan. Ɗanliti bani turmin atamfa ɗaya, yadi shida ko? Sai ka ɗan ƙara min yadi huɗu akai.

Alhaji: A wane kuɗin?

Injiniya: Ɗan ƙari ne kawai ranka ya daɗe. Yanka ne fa da almakashi, kana zaune a inuwa.

Ɗanliti ya tuntsire da dariya har leshin ya zube.

Alhaji: Allah ya shirye ka. Nawa ne duka?

Injiniya: Dubu 54, a cire 10, saura 44. Kuma daga yau duk abin da za a ƙara sai na rubuto kuɗinsa ka amsa da "na yarda" kafin in buɗe laftof.

Alhaji: Naji. Amma tsaya, nuna min na farkon nan da ka fara yi... Yauwa! Ai wannan yafi kyau wallahi, shi za a sa. Shi ma gyara ne?

Injiniya: A'a wannan kyauta ne, yana ajiye.

Alhaji: Madalla. Tunda na farkon na ɗauka, gyara taran nan ban karɓi ko ɗaya ba, suna wajenka, ka saida wa wani. Ɗanliti cire dubu 14.

Injiniya: Alaji wa zai sayi fulaya da hotonka kana riƙe da waya?

Ɗanliti: Hajiya zata saya, in dai a farashin sari ne.