Kwalin Hajiya da garin Newcastle

Ƙanwata ta haihu a Ingila, inda mijinta yake karatu, Hajiya kuwa ta rantse ba za a yi wa 'yarta jego da burodi da ruwan shayi ba. Nan da nan aka haɗa kwali: yajin daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, atamfa turmi biyu, kayan jariri, kilishi da kwalbar humra. Aka ɗaure shi da igiya, aka naɗe da salatif har ba a ganin kwalin, sannan Hajiya ta dube ni. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, tunda kai ne ɗan boko, sai ka kai gidan waya."

Adireshin ya zo ne ta saƙon murya, mai jego tana magana jariri yana tsala kuka a bayanta. Na saurara, na sake saurara, na tsinci sunan titi, na tsinci "Newcastle", na kuma ji wani abu mai kama da "tu fotin", sai na rubuta 214. Daga ƙarshe ta jero wasu haruffa da lambobi, daidai lokacin da yaron ya ƙara murya. Hajiya ta ce in bar su, ai wannan surutun Turawa ne, in dai rubuta cewa gidan yana kusa da shagon wani Bafakistane mai sayar da naman halal, don ta sha jin ana ambatonsa. A wurin suna kuma ta ce in sa "Maman Jariri", kada a yi ta kama sunan yarinya a bainar jama'a.

Ɗan ƙanin Baba ne ya raka ni, wani yaro da ya haddace sunan kowane ɗan ƙwallo a Firimiya amma bai san shekarar haihuwarsa ba. Yana ganin takardar ya girgiza kai.

"Yaya, ai ba a cewa Newcastle kawai. Cikakken sunan garin Newcastle upon Tyne. Ni fa kulob ɗina ne."

Wa zai ja da masani? Na ƙara.

A kanta, ma'aikacin ya sa muka warware duk salatif ɗin da Hajiya ta ɓata rabin yini tana naɗawa. Ya zaro kilishi ya ajiye gefe, ya ce Birtaniya ba ta yarda a shigo da nama daga Najeriya, busasshe ko ɗanye. Ya zaro humra, ya ce turare mai ruwa yana kama wuta, ba ya hawa jirgi a cikin saƙo. Ya miƙo mini takardar kwastan mai suna CN23, wadda ake cika wa babban kwali, ya ce kada in rubuta "kyauta" kawai, in jera kowane abu da yawansa da kuɗinsa. Duk wannan na yi. Sai na iso wani gurbi da aka rubuta `Postcode`.

Na kira ƙanwata, ba ta ɗauka ba. Na kira mijinta, yana aji. Mutanen da ke bayana a layi sun fara tsaki. To mu a Kano mun san yadda ake yi da wannan gurbi: ka rubuta 700001, ko kana Fagge ko kana Hotoro, babu mai tambayarka, domin wanda zai kawo saƙon kiran waya zai yi ya ce ka fito bakin titi. Don haka na buɗe waya na nemi foskod ɗin Newcastle, ta ba ni wani mai farawa da NE1, na kwafe shi tsaf da kyakkyawan rubutu. Ma'aikacin ya auna, ya faɗi kuɗi, na ji kamar in zauna a ƙasa, na biya. Ya ba ni rasit mai lambar bibiya, haruffa biyu a gaba, lambobi tara a tsakiya, NG a ƙarshe. Kilishin kuwa ni da masanin ƙwallo muka ga bayansa a cikin adaidaita, don kada ya lalace.

Daga ranar na zama ma'aikacin bibiya. Kwali ya bar Legas. Kwali ya sauka Ingila. Kwali ya wuce kwastan. Kullum da safe in na je gaishe da Hajiya, kafin ta amsa sai ta ce, "Ya isa?" Rannan na duba na ga kwali ya shiga Newcastle upon Tyne, na sanar da gida, har aka yi guɗa. Washegari allon ya nuna wani abu game da adireshin da bai cika ba. Na ce Turawa da iyayi.

Da dare mijin ƙanwata ya kira, ya ce in turo masa hoton rasit da abin da na rubuta a jikin kwali. Na tura. Ya yi shiru har na zaci layi ne ya yanke.

"Yaya, wa ya ce maka a nan muke?"

"Ba Newcastle ba?"

"Newcastle ne, amma namu Newcastle-under-Lyme, a Staffordshire, gefen Stoke. Inda ka tura ya fi awa uku a mota daga nan."

Ashe sunan ba na gari ɗaya ba ne. Akwai na ƙwallo a arewa maso gabashin Ingila, foskod ɗinsa yana farawa da NE. Akwai nasu mai farawa da ST5. Akwai wani a Ireland ta Arewa mai BT33, ban da na Ostireliya da na Afirka ta Kudu. Kuma a tsarin gidan wayar Birtaniya, nasu garin NEWCASTLE kawai ake rubuta shi, yadda ƙanwata ta faɗa tun farko. Abin da zai raba shi da sauran shi ne haruffan nan da jariri ya cinye da kuka. Na waiwaya neman masanin ƙwallo, aka ce ya tafi gidan kallo.

Surukin nawa mutum ne mai haƙuri, ya zauna ya yi mini karatu a waya. Ya ce a can foskod ba na gari ba ne, na ɗan yankin titi ne, galibi gidaje goma sha wani abu ne suke tarayya a kan guda. Kashi biyu ne da tazara a tsakani. Na farko, irin su ST5, shi ke kai kwali ofishin da ke raba saƙon yankin. Na biyu kullum lamba ɗaya ce da haruffa biyu, shi ke kai mai rabo kan titin. Na'ura ce ke fara karantawa, ita kuma foskod take bi, ba ta san Bafakistane ba. Da a ce na rubuta foskod daidai da lambar gida daidai, ko na kuskure harafi a sunan titi, da wuya kwalin ya ɓata. Amma ni na ba su gari daban, foskod daban, sannan gida mai lamba 214.

"Ina ka samo 214?"

"Ita ta ce tu fotin."

"Flat 2 ne, a gida mai lamba 14. Titin namu gaba ɗaya bai kai gida ɗari ba."

Na ce to ai na sa lambar waya, me ya hana su kira? Ya ce in karanto. Na karanto: +44, sai 07 da sauransu. Ya ce in an sa +44 ana jefar da sifirin farko, kamar dai yadda 0803 ke komawa +234 803. Ya ƙara da cewa ko da kwalin ya iso ofishin unguwarsu, in an zo ba a same su a gida ba sai sun je da katin shaida, kuma babu fasfon da aka rubuta "Maman Jariri" a ciki. Wannan dai ba ni na ƙirƙiro ba, amma ban ga fuskar kai ƙorafi wurin Hajiya ba.

Ya yi ta kiran waya a can ko za a juyo da kwalin, abin bai yiwu ba. Bayan wani lokaci allon ya nuna `Return to sender`. Abin mamaki, adireshina da na rubuta a kusurwar hagu ta sama, wanda babu komai a ciki sai sunan unguwa da "bayan gidan mai" da lambar waya, shi ne ya yi aiki babu gardama. Aka kira ni, aka ce in zo in ɗauki kayana. Kwali ya je Ingila ya dawo, ni ko Legas ban taɓa zuwa a jirgi ba. Ya dawo da takardu manne a ko'ina, gefe guda ya lotsa, yana ƙamshin daddawa tun daga bakin ƙofa.

A karo na biyu na ce ban yarda da murya ba, a rubuto. Surukina ya turo, na sa aka buga a shagon kwamfuta da manyan baƙaƙe. Na sauya suna da titi da ƙarshen foskod a nan, amma jerin haka yake:

```
WANCE WANE
FLAT 2
14 KAZA ROAD
NEWCASTLE
ST5 0XX
UNITED KINGDOM
```

Suna yadda yake a fasfo, ɗaki a layinsa, lambar gida da titi, gari, foskod shi kaɗai a layinsa, sunan ƙasa a ƙarshe. Babu waƙafi, babu "kusa da". Mai kwamfutar ya tsaya yana tambaya ko abin da ke gaban XX sifiri ne ko harafin O, na ce sifiri ne, domin kashi na biyu da lamba yake farawa, kuma ba a ma sa O a haruffa biyun ƙarshe, haka I da C da K da M da V. Ya dube ni da girmamawa. Ban gaya masa nawa na biya kafin in san haka ba. Muka shiga shafin neman foskod na Royal Mail, wato gidan wayar Birtaniya, muka zuba shi, sunan titin ya fito da gida na 14 a jere. Na manna takarda ɗaya a sama na rufe da farin salatif, na jefa kwafi ɗaya cikin kwalin ko ta waje za ta yage, na kankare duk tsofaffin takardun don kada na'ura ta sake ganin NE1 ta tuna hanya.

Kuɗin aikawa na biyu daga aljihuna ya fito, bisa hukuncin Hajiya, wanda ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Wannan karon kwali ya isa. Ƙanwata ta kira ta bidiyo tana buɗewa, ta ɗaga rigar jariri ta kara a jikin yaron, rigar ta tsaya a cibiya. Hular ko kunne ba ta rufe ba.

"Yaya, an gode, Allah ya saka. Amma Hajiya ta ce akwai kilishi, ban gani ba."

Hajiya ta juyo ta dube ni. Na ce ai dokar Birtaniya ce ta hana shi shiga.

"To da ta hana shi shiga," in ji ta, "ina ya tafi?"