Gwangwanin Baba ya je Yamai

Likita ya ce a kai Baba Yamai a duba masa zuciya saboda kumburin ƙafa, ni kuma aka ɗora wa rakiya. Daga Damagaram tafiyar ta kusa kilomita 900, kar ɗin, wato babbar motar fasinja, kuma tun kafin asuba yake tashi.

Baba mutum ne mai tsari, irin tsarin da ke wahalar da jama'a. Duk magungunansa ya ɓare su daga kwalayensu ya zuba a gwangwanin alewa, wai kwali cin wuri ne. A tasha, kafin mu hau, ya haɗiye na safe da bismilla. Ashe har da furosemide a ciki, ƙwayar da ke janye ruwan jiki ta hanyar fitsari. Cikin awa guda take fara aiki, ta kuma yi kamar awa shida tana abu ɗaya.

Muna wuce Takeita ya taɓa ni.

"Ɗan nan, ce wa direba ya tsaya."

"Baba, sai Tasawa."

"Ita marar tawa ta san Tasawa ne?"

Kafin mu kai Maraɗi duk motar ta san Baba. Da ya motsa sai wata Hajiya a baya ta ɗaga murya: "Direba, Alhaji ya tashi!" Shi kuwa yana sauka da butarsa cikin izza kamar mai motar. Daga nan ya yanke wa kansa hukuncin daina shan ruwa, a wannan zafin, har muka isa Ƙonni yana ganin jiri.

A asibitin Yamai likita ta tambayi abin da yake sha. Baba ya girgiza mata gwangwani: "Fari ƙarami da safe, fari babba da dare." Ta juye su a tebur, farare kala uku, babu mai suna babu mai awo. Ta ce ba ta rubuta sabon magani a kan abin da ba ta sani ba, don kada a ninka masa na hawan jini ya zube. Sai da na kira ƙanwata ta tono tsohuwar takardar magani a ƙarƙashin katifa ta turo hoto. Likitar ta ce tsoho mai tafiya ya riƙe kwalaye da karnensa na asibiti a jakar hannu, lokacin shan ƙwayar fitsari kuma a tambayi likitansa tun kafin a sayi tikiti, ko zai ɗaga ta zuwa sauka.

Ta rubuta gwajin suga, ta ce a zo da safe bayan awa takwas babu abin da ya shiga ciki sai ruwa. Muna kan layi mai ɗibar jini ya ce, "Alhaji, ba ka ci komi ba ko?"

"Ko loma," in ji Baba. "Koko kawai na sha, da suga kaɗan."

Aka ce mu dawo gobe.