Albashi Ya Shigo, Sati Biyu Ya Ƙare: Ina Laifin Wa?

Jiya a majalisa wani matashi ya ja ni gefe yana neman aron dubu biyar na mota, alhali wata bai ko raba ba. Ranar da aka biya su, shi ne ya yi wa kowa odar tsire. Raina ya ɓaci, don na san albashinsa.

'Yan uwana matasa, na yarda rayuwa ta yi tsada. Amma wannan ɗabi'a ta jiran alat ya shigo sannan a fara tunanin me za a yi da kuɗin, ita ke kashe mu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai tsarin da ake kira kasafi mai tashi sifili. Kafin wata ya kama, ka rubuta abin da ka tabbata zai shigo, ka raba wa kowace naira aikinta, har in ka debe rabon daga kuɗin shigar ya zama ba saura. Ba ana nufin ka kashe duka ba, ajiya ma aiki ce.

A ce kana ɗaukar dubu 150. Abinci 55, mota 18, wuta da kati 10, iyaye 12, adashi 10. Hayarka dubu 240 ce a shekara, to ka cire 20 duk wata. Kuɗin makaranta dubu 60 ne kowane zango, sau uku a shekara, wato 15 a wata. An kai 140. Wannan goman da ta rage, nan ake halaka. Mutum ya ce ai canji ne, ya bar ta ba suna, ta tafi a shawarma da cacar ƙwallo a waya, wadda ita kanta masifa ce da ta cinye samarinmu. Ka ba ta aiki: biyar ta biki da suna da ta'aziyya, biyar ta asibiti. In ankon wani ya kai dubu takwas, sai ka nuna layin da za ka zaftare ukun, ko ka haƙura da ankon. Ɗan kasuwa kuwa ya yi lissafi da watan da ya fi samun ƙarancin ciniki.

Amma ina! Sai mai gida ya turo takarda a fara cewa haya ta zo ba zato. Wace irin ba zato, abin da ka san ranarsa tun bara? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, daga nan sai cin bashi a manhajar waya, masu bashin su bi lambobin wayarka suna tozarta ka.

Iyayenmu da ba su shiga aji ba, ranar da aka kawo amfanin gona suke fitar da zakka, su ware iri, su auna na ci har damina. Magidanci yana jin kunyar a gan shi yana aron hatsi da rani. Yau mai digiri ne ke turo lambar asusunsa ranar 12 ga wata, ko a jikinsa.