Shirun da ya kamata shugaban taro ya mallaka

Duk wanda ya saba zaman taro ya san mutumin da ke buɗe baki zai yi magana, sai wani ya riga shi, ya haɗiye abin da ke bakinsa har a tashi. Yawanci a kan ce masa ya rage kunya, amma a ganina an ɗora laifin a inda bai dace ba.

Wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009, kan harsuna 10, ya nuna cewa ratar da ke tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce. Wannan lokaci bai isa mutum ya tsara jimla ba, saboda haka wanda ke cafe magana ya riga ya shirya tasa tun mai magana bai kai aya ba. Mai kawaici kuwa, da yake sauraro yake yi har ƙarshe, kullum a makare yake isowa.

Maganin yana hannun shugaban taro, wato ya daina barin wannan rata ga mai saurin baki. A ce mutum 8 ne za su yanke shawara kan kasafin wani aiki. Shugaba zai riƙa rubuta sunayen masu ɗaga hannu, ya faɗi jerin a fili: "Bayan mai binciken kuɗi, sai sakatariya." Da zarar sakatariyar ta ji sunanta, ba ta da sauran fargabar a riga ta. Idan wani ya katse ta, ba a bukatar faɗa, jimla ɗaya ta isa: "Malam, dakata ta kai aya, na rubuta sunanka." Sannan ya maimaita kalmominta na ƙarshe, domin wanda aka katse ya kan manta inda ya tsaya. Ƙa'idojin taro na Henry Martyn Robert, waɗanda aka fara bugawa a 1876, sun hana mutum magana karo na biyu kan batu ɗaya muddin akwai mai so da bai yi ba.

Ba kowace tsoma baki ce katsalandan ba. Wanda ya ce "haka ne" ko ya nemi a maimaita adadi bai ƙwace komai ba. Abin lura shi ne ko mai magana ya dawo ya ƙarasa jimlarsa, ko kuwa zancen ya tafi ya bar shi.

Akwai masu ganin a riƙa zagaya kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Yana da amfani, musamman idan aka fara da ƙananan ma'aikata kafin su ji inda shugaba ya karkata, amma yana cin lokaci: mutum 8, kowa minti 2, minti 16 ke nan a kan batu guda. Don haka a keɓe zagayen ga batun da za a yanke wa hukunci, a kuma sanar da shi tun a ajanda, domin kiran mai kawaici ba zato "ba ni da abin cewa" kawai yake haifarwa.