Ban gajiya daban, kamun ƙafa daban

Tun ranar da na ce na aika saƙon godiya ga kamfanin da ya yi mana gwajin ɗaukar aiki a Birnin Kebbi, abokaina suke min tsiya wai na shiga sahun 'yan fadanci. Ni kuma ina nan a kan bakana. A garin nan ko buki ka je ka ci tuwon mutane, washegari sai ka koma ban gajiya. To mutanen da suka yini da kai tun ƙarfe 8 na safe har gab da magariba fa?

Ga wanda bai taɓa shiga ba, wannan ba intabiyun minti ashirin ba ce. Asesmen santa suke ce mata. Mu 12 aka kira, aka raba mu gida biyu, shida-shida, masu tantancewa huɗu. Kamfanin sarrafa shinkafa ne, yana neman jami'an sayen shanshera daga manoma. An ba mu tarin takardun ofis mu jera wadda ta fi gaggawa, kowa ya yi jawabin minti 10, aka yi intabiyu, sannan babban cikinsu, aikin rukuni na minti 40. Masu tantancewa suna gefe ba sa cewa uffan, rubutu kawai suke yi. Kowane hali, kamar sauraro, lissafi da iya jan mutane, makinsa daban.

Wannan ne abin da masu zargina ba su gane ba. A irin wannan tsari, masu tantancewa kan zauna su haɗa maki a yammacin ranar ko washegari, kuma mutum ɗaya ba ya yanke hukunci a kanka, sai an gwama abin da biyu ko uku suka rubuta. Kafin saƙona ya isa, alƙalami ya kusa bushewa. In kamun ƙafa nake nema, ai na makara. Abin da saƙon ke iya yi kaɗan ne: ya sa a tuna fuskarka cikin mutum 12, ya nuna kai mai lura ne. Shi ya sa godiyar da ba ta ambaci komai ba, irin ta "na gode da damar da kuka ba ni", ba ta da maraba da shiru. Duk mu 12 za mu iya sa mata hannu.

Ga abin da ya faru a rukuninmu (na sauya alƙaluman, don ba a tona wa masu gwaji tambayoyinsu). An ce ga naira miliyan 30, mu raba tsakanin gyaran sito, hayar motoci da bashin taki ga ƙauyuka uku. Ni na yi zumbur na ɗauki lissafin mota, na ce miliyan 6 ta isa. Wata baiwar Allah 'yar Zuru da ke gefena ba ta katse ni ba. Sai da na dasa aya ta turo min takardarta, ta sa bakin biro a kan layi ɗaya, ta ce, "Malam, zuwa kaɗai ka ƙirga, motar ba za ta dawo ba?" Miliyan 12 ke nan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na ce gaskiyarta, muka gyara. Akwai kuma wani ɗan Argungu da ya yi minti 25 bai buɗe baki ba, saboda wani daga cikinmu ya kankane maganar kamar shi ya haifi kamfanin. Da na ga lokaci na tafiya, na ce mu ji ta bakin wanda bai yi magana ba. Ashe manomi ne a fadama. Ya ce sitonmu na ƙauye na biyu, in ruwa ya cika a watan Agusta da Satumba, ko a-kori-kura ba ta shiga, balle tirela. Maganarsa ta juya mana shirin gaba ɗaya.

Da daddare na rubuta saƙon farko, na kai wa yayata, wadda ta daɗe tana aikin ofis. Ta karanta ta miƙo min wayar. "Kai, wannan ai ƙara ka kai, ba godiya ba." A ciki na rubuta cewa duk da wani ya hana kowa magana, ni na jagoranci rukuni har muka cimma matsaya. Na ce, "To Yaya, ai haka aka yi." Ta ce, "Su da suka zauna suna kallonku, makafi ne? Sun gan shi, sun rubuta. Abin da ba su gani ba shi ne kai mai kai gulma ne, ga shi za ka kai musu da hannunka." Ta kuma soke sakin layi guda da na sake amsa tambayar intabiyu a cikinsa. Shugabar masu tantancewa ta tambaye ni me zan yi in manomi ya karɓi taki bashi, kaka ta yi ya sayar wa wani da shinkafarsa. Na yi ta kame-kame. Na so in gyara a rubuce, Yaya ta ce an karɓe takardar jarrabawa, in ambaci tambayar a layi ɗaya in wuce.

Da Turanci na aika, amma ga ma'anar wanda ya tafi:

"Ranki ya daɗe, ina godiya da yinin jiya na gwajin jami'an saye, da yadda kuka tsaya mana hutun azahar da la'asar ba tare da mun roƙa ba. A aikin rukuni na ƙaru da Malama wance, wadda ta gano na manta kuɗin dawowar mota, da Malam wane, wanda ya nuna mana hanyar sito ba ta biyuwa da damina. Tambayarki kan manomin da ya sayar da shinkafarsa a gefe kuwa har yanzu ina juya ta a raina, ta nuna min aikin nan riƙon amana ne kafin ciniki. Ina nan da sha'awar aikin. A miƙa gaisuwata ga sauran abokan aikinki uku."

Wani abokina ya ce wauta ce in tuna musu da kuskurena, in kuma yabi masu neman kujerar da nake nema. Na ce kuskuren yana cikin takardarsu ko na faɗa ko ban faɗa ba. Yabon ma ba sadaka na yi ba, abin da ya faru na faɗa, kuma jami'in saye da ba ya karɓar gyara a lissafi asara zai jawo wa kowa. Abin da dai na yarda da shi shi ne, da ba ni da sunayensu daidai, gara in ce "'yar'uwar da ke gefena" da in laƙaba mata sunan wata. Ni abin da ya cece ni, lokacin cin abinci na rubuta sunayen da ke ƙirjin kowa a bayan takardar gayyata.

Ta imel ɗin da aka gayyace mu na tura, ƙarfe 9 na safe. Ban nemo lambar kowa na bi shi ta WhatsApp ba, ban tambayi makina ba, ban ce kawuna ya san manajansu ba. Can ne kamun ƙafar yake.

Amsa ta zo da yamma, layi biyu: sun samu, za a ji daga gare su cikin mako biyu. 'Yar Zuru kuwa, da yake mun yi musayar lamba a bakin ƙofa, na yi mata ban gajiya daban. Ta ce sai bayan isha'i ta isa gida, ta ƙara da cewa in an ɗauke mu tare, lissafin mota a hannunta zai zauna.