Ƙ ɗina ta ja mini sidi 2,400 a Aboabo

Na bar Kano ina ganin tun da zangon Kumasi Hausa ake yi, gida zan sauka. Ashe akwai Hausar da ke tona asirin mai ita.

Wani abokina ɗan unguwar Aboabo da ke zangon ya samo mini ɗaki, sun daidaita da mai gidan a kan sidi 300 a wata. Na je da kaftanina da hula zanna bukar, na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, mun same ku ƙalau?" Tsohon ya dubi hular, ya ce in sake faɗa. Na sake. Nan take ɗaki ya koma 400. Ga shi kuɗin shekara biyu ake karɓa a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda da shi. Ku lissafa: 9,600 maimakon 7,200.

Abin da kunnensa ya kama shi ne ƙ. Hausar zango ba ta damu da ƙ, ɗ da ɓ ba, "kalau" suke cewa, kuma mace ma "ya zo" ake ce mata. Ni ma ba zan wanke kaina ba, ranar da na fara jin "matana ya tafi kasuwa" dariya na yi a gaban mai maganar. Wannan dariyar tamu ta Kanawa sun santa sarai, kuma tana musu ciwo.

Na daɗe ina jin haushin tsohon, har na fahimci abin da ke ƙasa. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, kuma zango ya ji jiki, har da waɗanda fataucin goro ya kawo kakanninsu tun zamanin kasuwar Salaga. Mu ma mun rama a 1983 lokacin Shagari. Har gobe ɗan zango da aka haifi ubansa a unguwar Asawase ta Kumasi sai an tambaye shi, "To amma asalinku ina ne?" Wanda kullum ake sa shi ya tabbatar shi ɗan ƙasa ne ba zai so a ɗaure shi da sabon zuwa a igiya ɗaya ba. A wurin fasinjan turoturo, wato motar haya ta Gana kuwa, da ni da Alhaji duk "aboki" ne, in an ga doguwar riga.

Na gane dalilinsa, amma ban yarda da ƙarin kuɗin ba. Tsoron 1969 bai kai ya zama farashin ɗaki ba. Kuma masu ba ni shawarar in jefar da hula in sa batakari, rigar saƙi ta arewacin Gana, na gode, amma ai ba hular ce ta gaishe shi ba.

Na biya, don ba ni da zaɓi. Shekara uku ke nan. Alhaji yanzu ni yake kira in karanta masa wasiƙa, sai dai sunana a gidan bai sauya ba: ɗan Najeriya. Jiya 'yata ta shigo da gudu tana cewa, "Baba, Mama ya dawo." Na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna nan da 'yan shekaru ita ma za ta nemi ɗaki a garin nan.