Hoton fulas ɗin Yaya da tambayoyin da na yi wa 'yan China

Shekara shida ke nan ina zaune a Guangzhou, kuma da wuya mako ya wuce wani daga gida bai turo mini hoto ta WhatsApp ba, da saƙo iri ɗaya: "Don Allah duba mana wannan, nawa ne sari?" Damuwata ita ce yawancinmu mun ɗauka da an gano mai kayan, an gama. Ni a ganina a nan ne aikin yake farawa.

Bara yayata ta ga wani fulas na ruwan zafi mai cin lita 2 a jeren wata amarya, ta ɗauki hotonsa. Tana son guda 600 ta saka a shagonta.

Da a Kano ne, na san yadda za a yi. Za ta shiga kasuwar Sabon Gari ta nuna wa yaron shago hoton, shi kuma ya kwatanta mata layin masu shi, ko dillali ya kai ta har gaban mai kaya ya karɓi la'adarsa. Za ta ɗaga fulas ɗin ta ji nauyinsa, ta ƙwanƙwasa da farce, ta buɗe murfi ta shinshina. Idan ta kai gida ta ga algus, ta san shagon, ta san maigidan, akwai kuma shugabannin kasuwa da za a kai wa ƙara. Hannunta da idonta sun yi tambayoyi da yawa ba tare da ta buɗe baki ba.

A nan kuwa, neman mai kaya bai kai minti biyar ba. Na yanke hoton ya zama fulas ɗin kaɗai, ba gado ba labule, domin idan ka bar tarkacen ɗaki manhajar sai ta riƙa kawo maka labulaye. Na fara da Google Lens don in san sunan da ake kiransa da shi, sannan na ɗora shi a 1688, dandalin sari na cikin China, inda komai da Sinanci yake kuma farashi da yuwan. Alibaba na masu saye daga waje ne, shi ya sa sau da yawa kaya iri ɗaya sukan fi tsada a can. Shaguna suka fito rututu, duk da hoto guda, farashi daga yuwan 19 har zuwa 46.

Abin da mutanenmu ba sa lura da shi ke nan: binciken hoto yana nemo maka masu hoton ne. Wani masana'anta ce, wani ɗan tsakiya ne da ya kwafi hoton, wani kuma yana ƙera mai kama da shi da ƙarfe mai arha. Abu na farko da na duba shi ne garin da shagon yake. Fulas na ƙarfe a Yongkang da Wuyi na lardin Zhejiang aka fi ƙera shi, don haka shagon da ke can, wanda ba ya sayar da komai sai fulas da kofuna, ya fi kama da mai masana'anta. Wanda ka ga yana da fulas da takalma da cajar waya, dillali ne. Ba laifi ba ne, ga mai sayen kaɗan ma yakan fi sauƙin sha'ani, amma ka san da wa kake ciniki. Na nemi kowannensu ya turo takardar rajistar kamfani, inda ake rubuta ko an ba shi izinin ƙerawa ko saye da sayarwa kawai.

Tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce: giram nawa ne nauyin guda ɗaya ba tare da kwali ba? Ita ce madadin ɗagawar da Yaya za ta yi a Sabon Gari. Mai kaya zai iya ce maka "mai kyau ne sosai", amma lamba ba ta da kwana-kwana. Na yuwan 19 ya ce giram 610, na yuwan 34 ya ce 840. Kaurin ƙarfe ne ya raba su, kuma shi ne zai sa ɗaya ya lotsa tun a cikin kwantena.

Sai nau'in ƙarfen. Akwai 304, akwai 201 mai arha wanda ya fi saurin tsatsa. Kada ka ce "304 ne?", domin zai ce e, alhali cikin ne kawai. Ka ce: ciki wane ne, waje wane ne? Maganaɗisu ba ya raba su yadda mutane suke zato. Akwai wani ruwan gwaji mai arha da ake ɗigawa, idan 201 ne wurin yakan yi ja.

Na sayi samfur daga shaguna biyu, na zuba tafasasshen ruwa na rufe. Bayan 'yan mintuna jikin mai arhar ya ɗumama a tafin hannuna, alamar zafi yana fita. Na auna cikinsa da kofin awo, bai cika lita 2 ba. Ɗayan jikinsa sanyi ƙalau, da safe ruwan na iya haɗa shayi. A kansa na sa hannu da alƙalami, muka yi yarjejeniya cewa da shi za a gwada kayan idan sun fito.

Sauran tambayoyin na kuɗi ne. Mafi ƙarancin abin da suke sayarwa, wanda za ka ga an rubuta MOQ, na duka odar ne ko na kowace kala? Yaya tana son ruwan zinari irin na hoton, sai suka ce kalolin da ke ajiye ko katan ɗaya sa bayar, amma fenti na musamman sai dubu. Ta haƙura ta ɗauki fari da baƙi. Sannan farashin a ƙofar masana'anta ne, wato EXW, ko har da kai shi ma'ajin mai dakon kaya a Guangzhou?

Girman katan kuma shi ne inda riba take zurarewa. Kayan jirgin ruwa da girman wurin da suka ci ake biya, wato CBM, wurin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne mita ɗaya ne. Katan ɗinsu santimita 60 da 50 da 40 ne, wato CBM 0.12, yana cin guda 20. Guda 600 katan 30 ke nan, CBM 3.6. Mu ce mai dako ya caji dala 300 a kan kowane CBM har Kano, to kowane fulas ya hau da dala 1.8 kafin ya shiga shago. Na yuwan 19 da na yuwan 34 kuɗin dakonsu ɗaya ne, saboda wurin da suke ci ɗaya ne. Wannan lissafin ne ya sa Yaya ta daina hangen mai arhar.

Wajen biya na tsaya kai da fata. An saba ba da kashi 30 cikin ɗari tun farko, ragowar 70 bayan an duba kaya, kuma asusun da za a tura ya zama sunan da ke kan takardar rajista. Ina kuma tambayar ranar gamawa a rubuce, domin idan oda ta faɗa cikin hutun sabuwar shekarar China, a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, masana'antu sukan rufe na makonni.

Da kayan suka iso ma'aji na buɗe katan uku daga tsakiya, na ɗora fulas biyar a kan sikeli. Huɗu sun kai, ɗaya murfinsa yana yoyo, don haka na sa suka ƙara murafe 20 kyauta kafin in tura cikon kuɗin. Na kira Yaya na gaya mata, ta ce, "To ƙanina, yanzu sai ka duba min wata kula da na gani."